Yadda Ake Saka Alamomin Hanya a Doguwar Gabatarwa

Jami'in aikin gona da zai gabatar da rahoton damina na Madawa, Buza da Keita a Tawa yana iya tara shafuka sittin a PowerPoint. Idan wani ya nemi a koma kan rairayen Keita, inda aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1984, sai a shiga lalube.

Maganin yana shafi na biyu: jerin batutuwa, layi uku kacal, kowace gunduma da layinta. Sai a zaɓi sunan Keita, a danna `Ctrl+K`, a haɗa shi da shafin da sashenta ya fara. Dannawa ɗaya ta isa.

Kowane sashe kuma ya buɗe da shafin raba hanya mai launi dabam, ɗauke da babban suna kawai, misali “Madawa: noman albasa”. Kalmomin su zama daidai da na jerin farko, don saɓani yana rikita mai kallo. A kusurwa a saka ƙaramin maɓallin komawa jerin.

Rubuta lambar shafi da hannu kuwa kuskure ne: da an ƙara shafi ɗaya kan Buza, lambobin da ke bayansa duk sun goce.