8 ÷ 2 × 4: Me Ya Sa Wasu Ke Cewa 16, Wasu Kuma 1?

Rubuta 8 ÷ 2 × 4 a takarda, ka miƙa wa waɗanda duk suka yi makaranta, sai ka ga sun rabu gida biyu. Wasu za su raba 8 gida 2 su sami 4, su ninka sau 4, su ce 16. Wasu kuma su fara da 2 sau 4 su sami 8, su raba 8 gida 8, su ce 1. Duk cikinsu babu wanda ya kasa ninkawa ko rabawa. Saɓanin yana wajen aikin da ya kamata a fara, kuma wannan magana ce ta yadda ake karanta rubutun lissafi.

Amsar da ƙa'idar yau ta yarda da ita 16 ce. Amma mai cewa 1 bai faɗi shirme ba, wata tambaya dabam ya amsa. A ce tela na da yadi 8, kowace riga na cin yadi 2, kowace riga kuma ana sa mata maɓalli 4. Riguna 4 ke nan, maɓallai 16. A ce kuma buhun taki 8 za a raba wa gidaje 2, kowane gida akwai manoma 4. Manoma 8 ke nan, kowa buhu 1. Lambobin ba su canza ba, ga 8, ga 2, ga 4, kuma a duka biyun an raba an ninka. Da baki ba mai rikicewa, domin labarin ne ke nuna abin da ke haɗe da wani. Da zarar an cire labarin an bar alamomi tsirara a layi ɗaya, dole a sami yarjejeniyar da za ta ce wane labarin ake nufi. An yarda cewa 8 ÷ 2 × 4 labarin tela ne. Mai nufin labarin taki sai ya sa baka biyu, ya rubuta 8 ÷ (2 × 4).

Yarjejeniyar hawa huɗu ce. Ana fara gama abin da ke cikin baka. Sai ƙaramar lambar da ake ɗorawa a kafaɗar wata, kamar 3², wato 3 sau 3. Sai ninkawa da rabawa. Daga ƙarshe tarawa da ɗebewa. Fifita ninkawa a kan tarawa ba ya jawo gardama sosai, don kowa na yin sa a kasuwa ba tare da ya san sunansa ba. Wanda ya sayi burodin naira 500 da sabulu 3 a kan naira 200 kowanne, lissafinsa 500 + 3 × 200 ne, kuma 1,100 zai biya. Da zai bi layin yadda ya zo, ya tara 500 da 3 sannan ya ninka sau 200, da ya sami 100,600, kuma da mai shago ya yi dariya.

Inda ake tuntuɓe shi ne hawa na uku. Ninkawa da rabawa matsayinsu ɗaya, babu babba babu ƙarami, don haka ana bin su daga hagu zuwa dama, wanda ya fara zuwa shi ake fara yi. Akwai dalili. Raba abu gida 2 daidai yake da ɗaukar rabinsa, wato ninka shi da ½. Saboda haka 8 ÷ 2 × 4 ba komai ba ne illa 8 × ½ × 4, kuma wannan ko ta ina ka faro shi 16 zai ba ka: rabin 8 sau 4, ko rabin 4 sau 8, ko rabin 32. Alamar rabawa tana kama lamba ɗaya ce kawai, wadda ke gabanta. Mai cewa 1 ya miƙa hannun alamar har ta kamo 4, ya mai da ita abin rabawa, alhali alamar ninkawa ce a jikinta.

To daga ina mutane suka samo cewa ɗaya na gaba da ɗaya? Mafi yawa daga kalmar hadda da aka koya musu a aji. A Najeriya da Ghana da Birtaniya ana haddace BODMAS, inda D ta rabawa ta riga M ta ninkawa. A Amurka PEMDAS suke haddacewa, M ta riga D. Wanda ya ɗauki jerin haruffan a matsayin jerin aiki, idan ɗan PEMDAS ne zai ninka tukuna ya sami 1. Ɗan BODMAS zai raba tukuna ya sami 16, ya yi ta murna cewa ƙa'idarsa ta fi. Gaskiya dace ya yi. A ba shi 10 − 3 + 2 a gani. Tunda A ta tarawa ta riga S ta ɗebewa, zai tara 3 da 2, ya ɗebe 5 daga 10, ya ce 5. Amma wanda ke da naira 10, ya kashe 3, aka ba shi 2, naira 9 ce a aljihunsa. Haka kuma 8 ÷ 4 ÷ 2, kalmar haddar ba ta da abin cewa a kansa ko kaɗan, tunda duka rabawa ne. Dokar hagu zuwa dama ce kaɗai ke ba da 1 maimakon 4. A ganina malamin da ya koyar da haruffa shida bai nuna cewa hawa huɗu ne ba, rabin darasi ya bayar.

Ita kanta yarjejeniyar ba tsohuwa ba ce kamar yadda ake zato. Alamar × ta yaɗu ne ta littafin William Oughtred na 1631, alamar ÷ kuma Johann Rahn, mutumin Suwizalan, ya yi amfani da ita don rabawa a 1659. Kusan ƙarni uku bayan haka, Florian Cajori, a littafinsa na tarihin alamomin lissafi da ya fara fitowa a 1928, ya rubuta cewa har lokacin ba a daidaita kan wadda za a fara yi ba idan alamomin biyu suka haɗu, ya kuma ambaci shawarar da aka bayar ta a sa baka. Littattafan makaranta da injunan lissafi ne suka ƙarasa kafa dokar.

Akwai kuma wata gardamar da ta fi wannan wuya, kuma ita ce ta karaɗe duniya a watan Yulin 2019, har Steven Strogatz na Jami'ar Cornell ya yi rubutu a kanta a jaridar New York Times. Tambayar ita ce 8 ÷ 2(2 + 2). Kafin ta, a 2011, an yi irin wannan ce-ce-ku-ce kan 48 ÷ 2(9 + 3), wasu na cewa 288 wasu 2. Idan aka gama cikin baka, ta 2019 tana komawa 8 ÷ 2(4). Kamar tambayarmu ta farko, sai dai alamar × ta ɓace, 2 ta manne da baka. Wannan ɗan bambancin shi ne tushen rigimar.

Bari a fara kawar da wata hujja mara ƙarfi. Da yawa kan ce ai baka ake fara yi, don haka dole a ninka 2 da 4 tukuna. Dokar baka tana magana ne kan abin da ke ciki kawai. Da an tara 2 da 2, aikinta ya ƙare.

Hujja mai ƙarfi daga aljabara take fitowa. A can ba a cika rubuta × ba, sai a manna lamba da harafi, 2y, kuma idon duk wanda ya saba yana ganin 2y a matsayin dunƙule guda. Idan malami ya rubuta 8 ÷ 2y, da wuya a sami ɗalibin da zai karanta shi da nufin 4y, kusan kowa zai ɗauka an raba 8 ne da 2y gaba ɗaya. Idan y ta zama 4, amsar 1 ce. Masana ma haka suke yi: ƙa'idar rubutu ta mujallun Physical Review na kimiyyar fiziks ta sa ninkawa gaba da rabawa a irin wannan rubutu na layi ɗaya. Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa ninkawa ninkawa ce, ko an rubuta alamarta ko an ɓoye ta, don haka hagu zuwa dama, 16. Al'adu biyu ne, kowacce da masu bin ta, kuma babu hukumar da ta yanke hukuncin da ya hau kan kowa.

Wanda ya ce a tambayi kalkuleta bai warware komai ba, domin mutane ne suka zaɓa mata dokar da za ta bi. Kamfanin Texas Instruments ya taɓa sauya ra'ayi: samfurinsa TI-82 yana fifita ninkawar da aka manna, sai ya ba da 1, amma TI-83 da ya biyo baya 16 yake bayarwa. Da yawa daga kalkuletocin Casio na ɗalibai 1 suke nunawa. Wasu harsunan kwamfuta ma ba sa karɓar tambayar. A Python, idan ka rubuta `8/2*4` za ka sami `16.0`, amma `8/2(2+2)` saƙon kuskure zai fito maka, sai ka sa alamar ninkawa da hannunka. Ɗalibin da zai shiga jarrabawa da kalkuleta yana da kyau ya buga 8 ÷ 2(2 + 2) tun a gida, ya san ɗabi'ar tasa. Ƙaramar kalkuletar kanti kuwa tata matsalar dabam ce, tana yin kowane aiki da zarar an danna na gaba, shi ya sa 2 + 3 × 4 take ba da 20, ta ɗalibai ta ba da 14.

Masu aiki da lissafi kullum ba su cika faɗawa wannan rami ba, saboda da wuya su yi amfani da ÷ bayan firamare. Layi suke ja a kwance, su rubuta abin da ake rabawa a sama, abin da ake rabawa da shi a ƙasa. Layin ya tsufa, ana danganta shi da al-Hassar, masanin lissafi na Maroko a ƙarni na 12, kuma Fibonacci ya yi amfani da shi a littafinsa na 1202. Idan 2 × 4 na ƙarƙashin layin, amsa 1 ce. Idan 2 kaɗai ke ƙasa, 4 na gefe, 16 ce. Ba wurin musu. Ma'aunin rubutun lissafi na duniya, ISO 80000-2, cewa ma ya yi kada a yi amfani da ÷ wajen rabawa.

Sai dai kwamfuta da waya sun dawo da mu kan layi ɗaya, kuma a nan ne abin ke tashi daga wasa. Malamin da ke son matsakaicin makin ɗalibi, 60 da 80, idan ya rubuta `=60+80/2` a Excel, 100 zai gani, domin 80 kaɗai aka raba. Abin da yake nufi `=(60+80)/2` ne, wato 70. A nan kuskuren na da saurin ganewa, tunda matsakaici ba ya wuce mafi girman makin. Amma da makin 30 ne da 80, rubutun farko 70 zai bayar maimakon 55, lamba mai kama da gaskiya wadda za ta iya shiga takardar sakamako ba wanda ya lura. Shi ya sa kafin a ja dabara ɗaya ta sauka kan sunaye ɗari, ake fara gwada ta da layi guda wanda aka riga aka lissafa da biro.