Kafin ka biya kuɗin lesin JAMB, gwada yaron tukuna

Da zarar an fara maganar rajistar JAMB, sai allunan cibiyoyin lesin su cika bakin tituna, masu tallar manhajojin waya su cika rediyo. Uba kuma ya shiga lissafi: a kai yaro aji ne, ko a ɗauko masa malami har gida, ko a saya masa manhaja, ko a bar shi da littattafansa? Yawancinmu muna yanke wannan hukunci ne da aljihu ko da abin da maƙwabci ya yi. Ni a ganina akwai tambayar da ta riga waɗannan duka: me ya sa yaron ke faɗuwa tambayoyin da yake faɗuwa?

Jarrabawar UTME darasi huɗu ce, tambaya 180 a cikin awa biyu. Turanci na da tambaya 60, sauran ukun 40 kowanne, jimillar maki 400. Wato kowace tambaya na da daƙiƙa 40 kacal. Tun 2015 gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi. A 2025, cikin ɗalibai kusan miliyan biyu da suka zauna, fiye da miliyan ɗaya ba su kai maki 200 ba.

Gwajin da nake nufi ba ya cin ko sisi. A samo tambayoyin wata shekara da ta wuce waɗanda yaron bai taɓa gani ba, a karɓe wayarsa, a ba shi awa biyu cif. Bayan an duba amsa, a zauna da shi a bi duk tambayar da ya faɗi, a tambaye shi dalili. Amsarsa ba za ta wuce uku ba: bai taɓa fahimtar abin ba, ko ya sani amma ya manta, ko kuma lokaci ne ya ƙare masa. Kowane ciwo da maganinsa, kuma farashin magungunan ba ɗaya ba ne.

A ce yarinya ce mai son karatun likita, wata uku ya rage mata, mahaifinta kuma naira 60,000 ya ware bayan kuɗin rajista. A gwaji ta ci 38 cikin 60 a Turanci, 27 cikin 40 a Bayoloji, 22 a Kimistiri, 11 a Fiziks. A ƙiyasi makinta ya kama 213. Mai son zama malamin makaranta ko shiga wani kwas da ba a cunkoso a kansa zai iya samun gurbi da wannan, amma likitanci a jami'a irin Ahmadu Bello ko Bayero yana buƙatar fiye da haka nesa ba kusa ba. Buri shi ke nuna yawan tazarar da za a cike.

Lambar da ta fi muhimmanci a nan ita ce 11. Kowace tambaya zaɓi huɗu gare ta, don haka ko wanda bai taɓa buɗe littafin Fiziks ba, idan ya yi ta canki-canka, zai iya cin kusan 10 cikin 40. Ke nan yarinyar ba ta da tushe a darasin sam. Manhajar waya ba za ta gina mata shi ba, domin aikin manhaja ta jefo tambaya ta nuna amsa. Ba ta ganin inda ɗaliba ta karkace a tsakiyar lissafi. Babban aji ma da wuya ya yi. Malamin da ke gaban ɗalibai tamanin yana sauri ne ya gama darussa kafin ranar jarrabawa, yarinya mai kunya kuwa ba za ta ɗaga hannu ta ce ba ta iya juya lissafi don fito da abin da ake nema ba. Sau da yawa ma a nan matsalar take: ba Fiziks ne ya gagara ba, lissafin ƙaramar sakandare ne bai zauna ba. Mutum ne kaɗai, zaune a gefenta yana kallon bironta, zai gano haka.

To sai a duba kuɗi, da farashin da na ɗauka a matsayin misali, tunda kowane gari da nasa. Idan aji na karɓar 15,000 a wata, wata uku 45,000 ke nan. Amma akwai kuɗin da iyaye ke mantawa: Adaidaita Sahu zuwa da dawowa. Naira 600 a rana, kwana biyar a mako, mako 12, ya zama 36,000. Jimilla 81,000, an zarce abin da aka ware, kuma an biya kuɗin Bayolojin da za ta iya karantawa da kanta. Idan kuwa aka samu malamin Fiziks kaɗai, sau biyu a mako, a kan 30,000 a wata, ta haɗu da ƙawayenta biyu su raba, nata 10,000 ne, wata uku 30,000. Saura 30,000 ya ishi littattafan tsoffin tambayoyi, manhaja guda ɗaya, da jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gaske. Idan Fiziks ya tashi daga 11 zuwa 26, a ƙiyasi an ƙara maki sama da 35 daga darasi ɗaya.

Malamin gida ma sai an sa ido. Alamar na ƙwarai ita ce biro ya fi daɗewa a hannun ɗaliba fiye da nasa. Wanda ke warware tambaya da kansa yana cewa "kin gane?" ita kuma tana gyaɗa kai, kuɗinka yake ci. Bayan mako huɗu a sake gwaji da tambayoyin wata shekarar daban. Idan lambar ba ta motsa ba, a sallame shi cikin mutunci, ko da ɗan'uwa ne.

Bayoloji da Kimistiri, inda yawancin kuskurenta mantuwa ce, karatun kai ya wadatar. Hukumar JAMB na sanya jerin batutuwan kowane darasi kyauta a shafinta na IBASS. A buga shi a takarda, ta riƙa soke abin da ta gama. Sharaɗin shi ne ta rufe littafi ta gwada kanta, domin maimaita karanta shafi yana sa mutum ya ji kamar ya iya alhali idonsa ne kawai ya saba da rubutun.

Manhaja maganin ciwo na uku ce, wato lokaci. A zaɓi wadda ke aiki ba tare da data ba, mai agogo, mai bayanin dalilin amsa. Wasu na ɗauke da amsoshin kuskure, saboda haka duk inda ta saɓa wa littafi, a tambayi malami. Kuma latsa fuskar waya daban, zama gaban kwamfuta daban. Yaron da bai taɓa riƙe linzami ba ya je cibiyar kwamfuta ko sau biyu ne, ya san cewa A, B, C, D na zaɓen amsa ne, N na kai shi gaba, P na mayar da shi baya.

Ban ce aji ba shi da amfani ba. Wanda ya gama sakandare shekara uku da suka wuce, ya faɗi dukkan darussan huɗu daidai wa daida, ko wanda a gida ba a barinsa ya zauna minti talatin ba a aike shi ba, aji ne ya dace da shi, don zai ba shi tsari da abokan gogayya. Sai dai a je a ƙirga ɗaliban da ke ciki, a tambaya ko ana gwaji kowane mako. Cibiyar da ta yi maka alƙawarin maki 300, ko ta ce tana da hanyar samun tambayoyi kafin ranar, ka guje ta. Hukumar na riƙe sakamakon waɗanda ta kama da maguɗi.

Iyaye, ku ware awa biyu a Asabar ɗin nan ku yi wa yaranku wannan gwaji kafin ku fitar da ko naira ɗaya.