Ɗan Gaban Goshi Daban, Ɗan'uwan Oga Daban

A shekarar 1456 Fafaroma Callixtus na Uku ya naɗa ɗan 'yar'uwarsa, Rodrigo Borgia, muƙamin kadinal, alhali saurayin bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. A 1492 shi ma Rodrigo ya hau kujerar Fafaroma. Irin wannan naɗi ya zama ruwan dare a fadar Roma, har mutanen Italiya suka laƙaba masa suna daga kalmar Latin "nepos", wato ɗan wa, ɗan ƙane ko jika. Daga nan kalmar nefotizim ta samo asali. Sai a 1692 Fafaroma Innocent na Goma Sha Biyu ya fitar da dokar da ta taƙaita wannan al'ada.

Ma'anar kalmar a yau ita ce mai iko ya yi amfani da kujerarsa ya ba danginsa aiki, ƙarin girma ko kwangila. Dangin sun haɗa da na jini da na aure. Fifiko na yau da kullum kuwa ya fi wannan faɗi, domin oga yana iya fifita abokinsa, ko ɗan garinsu, ko wanda ya iya fadanci. Duk fifita dangi fifiko ne, amma ba duk fifiko ne fifita dangi ba.

A ɗauki misalin manajan wani kamfanin rarraba kayan masarufi. Yana da wani akawu da jininsu ya haɗu. Duk kwas ɗin da ya taso shi ake turawa, idan ya makara ba a tanka masa, kuma ba a sa shi aikin Asabar. Wannan ɗan gaban goshi ne. A wurin aiki aka san juna, kuma a nan abin zai iya ƙarewa: ranar da suka ɓata, ko aka yi wa manajan canjin wuri, alfarmar ta yanke.

Sai kuma gurbin mai kula da sito ya buɗe. Mutum uku suka zo intabiyu, manajan ya zauna cikin masu tantancewa bai ce uffan ba, aka ɗauki ƙanen matarsa. Nan an tsallaka zuwa nefotizim, ko da yaron yana da takardu masu kyau. Abin dubawa shi ne hannun da ya sa a takardar ɗauka da kuma dangantakar da aka ɓoye wa sauran 'yan kwamiti.

Illar tana fitowa ranar ƙidayar kaya. Tsarin sito ya ginu ne a kan mutum biyu masu sa wa juna ido: ɗaya yana fitar da kaya, ɗaya yana amincewa. Idan aka ga buhun shinkafa arba'in sun yi ɓatan dabo, manajan ne ya kamata ya rubuta takardar tuhuma. To amma wanda zai tuhuma tare suke cin tuwon dare, kuma kafin gari ya waye surukai sun fara aiko da saƙon a yi haƙuri. Sauran ma'aikata su ma sukan ja bakinsu su yi shiru, don sun san inda ƙorafin zai je.

Akwai dalilin da ya sa doka ta fi iya kama fifita dangi. Ƙauna ba ta da shaida a rubuce, dangantaka kuwa ana iya lissafa ta. Bayan Shugaba John F. Kennedy ya naɗa ƙanensa Robert ministan shari'a a 1961, majalisar Amurka ta yi doka a 1967 da ta hana jami'in gwamnatin tarayya ɗaukar ɗan'uwansa ko yi masa ƙarin girma a hukumar da yake iko da ita. Dokar ta jero dangin ɗaya bayan ɗaya: iyaye, 'ya'ya, miji ko mata, kawu, gwaggo, surukai, har da agola. Wanda aka ɗauka ta wannan hanya bai cancanci albashi ba. Aboki ba ya cikin jerin.

Abin yana da iyaka. Ɗan kasuwar da ya zaunar da ɗansa a shagonsa dukiyarsa ya damƙa masa, idan an yi asara shi ya jiyo. Manaja ko darakta kuwa amanar wasu yake riƙe da ita. Haka nan kasancewar 'yan'uwa biyu a ma'aikata ɗaya ba laifi ba ne. Kamfanoni da yawa sharuɗɗa uku suke gindayawa: ma'aikaci ya bayyana dangantakar a rubuce tun kafin intabiyu, ya fita daga kwamitin da zai yanke hukunci, sannan a ajiye ɗan'uwan nasa a sashen da wani shugaban ne zai duba aikinsa, ya sa hannu a ƙarin albashinsa, ya kuma tuhume shi idan kaya sun ɓace.