Yadda Oda Ke Shiga Sau Biyu Daga Kasuwar Intanet, da Yadda Ake Tare Ta

Ɗan kasuwar da ke sayar da kaya a kasuwannin intanet irin su Amazon ko Jumia yakan riƙe lissafi a wuri biyu: kasuwar tana da nata, shi kuma yana da manhajar da ke ƙirga kayan sito da kuɗin da suka shigo. Idan odoji ba su wuce goma a rana ba, ana iya kwafe su da hannu. Da zarar sun kai ɗaruruwa, sai a bar wa manhaja aikin, ta riƙa ɗebo su ta wata ƙofa da kasuwar ta tanada don kwamfutoci su yi magana da juna, wadda ake kira API. Amazon ta dace da misali, domin ƙa'idodinta a rubuce suke filla-filla.

Manhajar mai sayarwa tana aika wa Amazon buƙata mai suna `getOrders`, haɗe da lokacin da take so a fara lissafi daga gare shi. Idan ta yi amfani da `CreatedAfter`, za a ba ta odojin da aka yi bayan wannan lokacin. Idan ta zaɓi `LastUpdatedAfter`, za a ba ta duk odar da wani abu ya sauya a cikinta, sabuwa ce ko tsohuwa. Na biyun ya fi amfani, domin oda ba ta zama a hali ɗaya: tana farawa a `Pending` kafin kuɗi su tabbata, ta koma `Unshipped`, sannan `Shipped`, ko a soke ta ta zama `Canceled`. Amsar tana zuwa shafi-shafi, kowane shafi bai wuce oda 100 ba, kuma idan da saura sai a haɗo da `NextToken`, wanda ake mayarwa don karɓar shafi na gaba.

A ɗauka manhajar tana ɗebo odoji duk bayan minti 15. Da ƙarfe 10:00 ta nemi abin da ya sauya tun 9:45, aka samu oda 230, wato shafi uku. Ta adana ɗarin farko, sai intanet ya yanke kafin shafi na biyu ya iso. Tun da aikin bai kammala ba, daidai ne ta ƙi matsar da alamar lokacinta gaba, don haka da ƙarfe 10:15 za ta sake farawa daga 9:45, ɗarin nan da ta riga ta adana su dawo mata. Haka kuma odar da ta shigo a `Pending` da ƙarfe 9:50 za ta sake bayyana bayan kuɗinta sun tabbata, da lambarta ta dā. Ban da wannan, ƙwararru da gangan suke ja da baya da 'yan mintuna a kowane zagaye, saboda oda takan ɗan yi jinkiri kafin ta bayyana a ƙofar. Dalilinsu mai ƙarfi ne: odar da ta zo sau biyu ana iya gane ta a tace, wadda aka tsallake kuwa babu mai sanin ta ɓace sai mai saye ya yi ƙorafi. Ke nan maimaici ba alamar lalacewa ba ne, abu ne da tsarin kirki yake sa ran gani kullum.

Abin da ake gane oda da shi ita ce lambar da kasuwa ta ba ta. A Amazon sunanta `AmazonOrderId`, tana da alƙaluma uku, sai bakwai, sai wasu bakwai, da ɗan layi a tsakani, shi ya sa ake adana ta a matsayin rubutu. Mai sayarwa a kasuwa fiye da ɗaya sai ya haɗa sunan kasuwar da lambar, tun da kasuwanni biyu suna iya ba da lamba iri ɗaya. Kuskure ne babba a dogara da sunan mai saye da yawan kuɗi. Mutum yana iya sayen takalmi iri ɗaya sau biyu cikin minti biyar, kuma waɗannan odoji biyu ne na gaskiya, kowacce da lambarta.

Dabarar da ta fi saurin zuwa zuciya ita ce manhaja ta duba ko lambar tana nan, idan babu ta shigar. Wannan yana aiki har ranar da zagaye ɗaya ya daɗe, na bayansa ya tashi kafin ya gama. Kamar akawu biyu ne da suka buɗe littafi ɗaya a lokaci guda: kowanne ya duba bai ga sunan ba, kowanne ya rubuta shi. Tazarar da ke tsakanin dubawa da rubutawa ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma ta isa. Maganin shi ne a ɗora wa rumbun bayanai kansa dokar, ta hanyar sanya `UNIQUE (marketplace, order_id)` a teburin odoji. Daga nan rumbun ba zai karɓi layi na biyu mai wannan lamba ba, ko manhaja nawa suka turo shi.

Sai dai ƙin karɓa kaɗai bai wadatar ba, domin odar da ta dawo tana iya ɗauke da sabon hali. PostgreSQL ta samar da hanyar haɗa ayyukan biyu tun fitowar 9.5 a shekarar 2016:

```sql
INSERT INTO orders (marketplace, order_id, status, last_update)
VALUES ($1, $2, $3, $4)
ON CONFLICT (marketplace, order_id) DO UPDATE
SET status = EXCLUDED.status, last_update = EXCLUDED.last_update
WHERE orders.last_update < EXCLUDED.last_update;
```

Ma'anarsa ita ce, idan odar sabuwa ce a shigar da ita, idan tana nan a sabunta halinta. Layin ƙarshe yana hana tsohon bayani danne sabo, don kada odar da aka riga aka tura ta koma jerin masu jiran turawa, a sake ɗaure mata kaya. A misalin ɗazu, zagayen 10:15 zai wuce ɗarin farko ba tare da ya ƙara layi ko ɗaya ba, ya shigar da sauran 130.

Inda asara ta fi ɓoyewa shi ne a ayyukan da ke biyo bayan shigar oda. Teburin odoji yana iya zama tsaf, amma idan manhaja tana rage kayan sito duk lokacin da ta ga oda, to oda mai riga biyu da ta bayyana sau uku za ta cinye riga shida a lissafi. Don haka ragin kaya da fitar da rasit ana ɗaure su ne da shigar farko ko da wani sauyin hali takamaimai, kuma a rubuta su tare da odar a dunƙule, ko duka su shiga ko duka su fasa. Kowane kaya a cikin oda yana da tasa lambar, `OrderItemId`, ita ma tana buƙatar irin wannan doka.

Alamomin matsala su ne sito ya nuna kaya sun ƙare alhali suna kan kanta, ko cinikin da manhaja ta lissafa ya zarce na rahoton kasuwa. Ana tabbatarwa da umarnin da ke tara layuka bisa lamba, `GROUP BY marketplace, order_id HAVING COUNT(*) > 1`. Duk abin da ya fito maimaici ne, kuma dole a share shi tukuna, domin rumbun ba zai yarda a kafa dokar `UNIQUE` a teburin da ke da layuka masu lamba ɗaya ba.