Toshewar Hanji: Idan Ciki Ya Kumbura, Iska Ta Daina Fita

Tambayar da likitan tiyata zai fara jefa wa wanda aka kawo da kumburin ciki da amai tana sa mutane sunkuyar da kai: "Malam, yaushe rabonka da tusa?" Ba wasa yake ba. Wanda bayan gida ya yi wa tauri yakan yi kwanaki bai zaga ba, amma iska tana fita. Idan kuwa iskar ma ta tsaya, ciki na ta tashi, ga amai, ga murɗa mai zuwa tana lafawa, to abin da ake tsoro shi ne hanji ya toshe.

Ƙaramin hanjin babban mutum ya kai kusan mita 6, babban hanji kuma mita ɗaya da rabi. Ko mutum bai sha komai ba, jikinsa na zuba ruwa mai yawa a wannan hanya: yawu, ruwan tumbi, ruwan matsarmama da sauransu, wajen lita 7 zuwa 8 a kullum, kuma hanjin ne ke sake tsotse kusan dukkansa. Da zarar hanya ta rufe, ruwan nan da iskar da ake haɗiya sai su taru a bayan wurin toshewar. Hanji ya buɗe, tsotsewa ta ragu, amai ya biyo baya. Shi ya sa za a ga majinyaci cikinsa dam da ruwa, amma harshensa a bushe, idanunsa sun faɗa, fitsarinsa ya ragu, ƙodarsa na neman gazawa.

Amai ɗin kansa yana ba da labari. In toshewar tana sama, kusa da tumbi, yakan zo da wuri, kore shar, cikin kuma bai cika kumbura sosai ba. In tana can ƙasa, kumburin ne ke yin gaba, amai ya makara, in ya zo kuma ya zo da duhu da wari irin na bayan gida. A nan ne 'yan uwa kan fara zancen sammu, alhali abin da ya daɗe a hanji ne ƙwayoyin cuta suka ruɓar.

Ƙaba, wadda in ta sauka maraina ake ce mata gwaiwa, tana cikin manyan dalilai a ƙasar Hausa. A ɗauki misalin manomi ɗan shekara hamsin da ya daɗe da kumburi a matsematsinsa. Kullum in ya kwanta yakan danna ya koma. Ranar da ya ɗaga buhun masara, abin ya fito ya ƙi komawa, ya yi tauri, taɓawa ma ba ta yiwuwa. Kafin dare ya fara amai. Gida suka ba shi jiƙo da kanwa, washegari aka sayo maganin wankin ciki a kemis. Wannan magani aikinsa ya sa hanji ya ƙara matsawa, ga shi hanya a rufe take, sai ciwo ya ƙaru. A rana ta uku murɗar da ke zuwa tana tafiya ta zama ciwo tsayayye, zazzaɓi ya shigo, zuciya na bugawa da sauri, ciki ya sandare. Wannan sauyi shi ne alamar cewa bakin ƙabar ya shaƙe jijiyoyin jinin hanjin, kuma hanjin da jini ya yanke masa yana iya mutuwa cikin kimanin awa 6. Da a daren farko aka kai shi, mai yiwuwa a saki hanjin, a ɗinke ramin, ya koma gida cikin 'yan kwanaki. A rana ta uku kuwa sai an yanke abin da ya yi baƙi an haɗa sauran.

Abin da kan ba masu jinya haushi shi ne ko an isa asibiti ba a wucewa ɗakin tiyata nan take. Za a hana ci da sha. Za a ɗaura ƙarin ruwa, leda bayan leda, a ɗebi jini a duba aikin ƙoda da gishirin jiki, musamman fotashiyam da amai ke zubarwa. Za a zura roba ta hanci har tumbi, a kuma sa robar fitsari don a riƙa auna abin da ke fita kowace awa. Robar hancin ba ta da daɗi, majinyata da yawa sukan so su fizge ta, amma tana iya fitar da fiye da lita ɗaya na koren ruwa a zama guda, tana kuma hana amai faɗawa huhu lokacin da aka sa mutum barci. Shiga tiyata da jikin da ya bushe haɗari ne babba, don haka waɗannan 'yan awanni ba sakaci ba ne. Sai a ɗauki hoton ciki a tsaye da a kwance, inda akwai na'urar CT kuma ita ta fi nuna wurin toshewar da dalilinta.

Ba kowa ake yanka ba. Wanda aka taɓa buɗe wa ciki, ko don haihuwa, ko afendis, ko hanjin da taifot ya huda, yakan samu zaruruwan tabo a ciki da ke manne hanji da hanji, su lanƙwasa shi ko bayan shekara ashirin. Irin wannan toshewa sau da yawa takan saki da kanta in an huta da hanjin. Likita yakan jira awa 48 zuwa 72 yana duba ciki da bugun jini, wani lokaci a ba da wani ruwa mai suna Gastrografin ta robar, in hoto ya nuna ya isa babban hanji cikin awa 24, to alamar hanya za ta buɗe ce. Tsohon shugaban Brazil, Jair Bolsonaro, ya ga fuskokin abin biyu. Tun da aka daɓa masa wuƙa a ciki a 2018 yake fama. A Janairun 2022 an kwantar da shi a São Paulo, robar hanci ta wadatar, aka sallame shi ba tiyata. A Afrilun 2025 kuwa sai da likitoci suka shafe kusan awa 12 suna raba hanjinsa da tabon.

Akwai kuma murɗewar ƙarshen babban hanji, wadda ta fi yawa a Afirka fiye da Turai, ta kuma fi kama maza. Cikin yakan tashi kamar ganga. In hanjin na da rai, ana iya zura na'ura ta dubura a warware shi, iska ta fito da ƙarfi, majinyaci ya ji sauƙi nan take. Sai dai fiye da rabin masu wannan ciwo yakan dawo musu, shi ya sa ake so a yanke wannan yanki kafin a sallami mutum, ba ya ji dama ya tattara ya tafi ba. Dattijon da ya daɗe yana ramewa, bayan gidansa ya sauya ko yana fita da jini, shi kuma ana binciken sankarar hanji.

Wani lokaci haɗa hanji nan take ba shi da aminci, sai a fito da bakinsa ta fatar ciki, bayan gida ya riƙa zuba a jaka. Iyalai da yawa sukan ƙi sa hannu in sun ji haka, jinkirin kuma na ƙara haɗari, alhali ga mutane da dama na ɗan lokaci ne, bayan watanni a mayar da shi ciki. Bayan tiyata hanji yakan yi kwana biyu zuwa huɗu bai motsa ba. Za a ta da majinyaci ya riƙa takawa, a fara ba shi ruwa kurɓi-kurɓi, sannan kunu mai ruwa-ruwa, in bai dawo da shi ba a matsa zuwa abinci mai laushi.