Kuɗin Makaranta Kafin Karatu: Bashi Ne, Ba Riba Ba

A Ajingi da Gaya, inda yawancin iyaye manoma ne, kuɗi kan shigo hannu ne da kaka. Uba ya sayar da gyaɗa ko wake, sai ya wuce makarantar ɗansa ya biya kuɗin zangon da ake ciki, wani lokaci har da na gaba, don kada kuɗin su narke a hannunsa. Tun da gwamnatin Kano ta ayyana karatu kyauta kuma dole a makarantunta a 2019, wannan batu ya fi shafar makarantun kuɗi da na Islamiyya. Tambayar ita ce: ranar da ma'aji ya yanka rasit, kuɗin sun zama na makaranta ke nan?

Masana lissafin kuɗi sun ce a'a. Abin da uba ya saya shi ne karatu, kuma ba a ba shi ba tukuna. Don haka a ranar biya makaranta ce ake bi bashi, bashin da za ta biya da darasi. Wannan ne tushen ƙa'idar IFRS 15, wadda ta fara aiki a duniya a 2018: ba a ƙirga kuɗi a matsayin samu sai an yi aikin da aka karɓe su dominsa. Ƙaramar makaranta ba sai ta ɗauki babban akanta ba kafin ta bi wannan. Littafi mai layi biyu ya isa.

Mu ƙaddara wata makaranta a Ajingi mai ɗalibai 120, kowanne yana biyan naira 15,000 a zango, zangon kuma mako 12 ne. Idan kowa ya biya a makon farko, an tara naira 1,800,000. Ma'aji zai rubuta su duka a layin farko, wato kuɗin da aka karɓa ba a koyar ba. Raba su gida 12, kowane mako ya tashi a naira 150,000. Duk ƙarshen mako sai a cire wannan adadi daga layin farko a mayar da shi layi na biyu, na kuɗin da makaranta ta yi wa aiki. Bayan mako huɗu, naira 600,000 ce ta zama haƙƙin makaranta, saura naira 1,200,000 har yanzu ana bin ta. Sai ranar hutu layin farko zai koma babu.

A ƙarshen shekara ne aka fi yin tuntuɓe. A ce iyaye 30 sun biya kuɗin zango na biyu tun a Disamba, naira 450,000 ke nan. Idan makaranta tana rufe lissafinta ranar 31 ga Disamba, ko kwabo daga ciki bai shiga samun wannan shekara ba, domin sai Janairu za a fara koyarwar. Wanda ya haɗa su zai ga riba mai yawa a bana, ya raba da abokan hannun jari ko ya fara gina sabon aji, baɗi kuma ya ga faɗuwar da bai san dalilinta ba.

Alamar ciwon a fili take. Makarantar da ke biyan albashi kan kari a watan farko, ta yi jinkiri a na biyu, ta roƙi malamai su yi haƙuri a na uku, sau da yawa ta ci kuɗin gaba ne. Gwajin mai sauƙi ne: a duba abin da ya rage a layin farko, a kwatanta da kuɗin da ke banki da aljihun tebur. Idan ana bin makaranta karatun naira 1,200,000 amma naira 400,000 ce a hannu, mako takwas ɗin da suka rage da me za a koyar? A watan Maris na 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu har tsawon watanni, duk makarantar da ta riga ta kashe kuɗin gaba ta wayi gari da karatun da ake bin ta, ba abin maidowa.

Ba kowane kuɗi ne ke bin wannan rabo na mako-mako ba. Kuɗin yunifom da littattafai suna zama samu ranar da aka miƙa wa yaro kayan. Kuɗin rajistar jarrabawar WAEC ko NECO kuwa amana ce da za a kai wa hukumar, bai kamata ma su haɗu da na makaranta ba.

Saboda haka, mai makaranta ya sa a rubuta zangon da aka biya a jikin kowane rasit, ya kuma bayyana tun farko abin da za a mayar idan yaro ya bar makaranta a tsakiyar zango. Iyaye su ma su adana rasit ɗinsu, domin shi ne shaidar karatun da suke bin makaranta.