*Zafi, Gumi da Bugun Zuciya: Abin da Ke Faruwa da Magidanci a Gona*



Ɗan'uwa magidanci, a lokacin bazara da farkon damina mutanenmu na Batsari da Safana kan yawaita wani koke. Mutum zai ce maka gonar da ya saba nomewa ce, fartanyar ita ce, kunyoyin ma ba su ƙaru ba, amma kafin rana ta take sai ya ji zuciyarsa na dukan ƙirji kamar wanda aka koro. Wani ya ce hawan jini ne, wani ya ce tsufa, wani ma ya fara zargin sammu. Sau da yawa ba ko ɗaya. Zafin gari ne da laimar iska da ƙarancin ruwa a jiki suka haɗu suka ƙara wa zuciya aiki, ba tare da kai ka ƙara ko sara ɗaya ba.

Jinin babban mutum bai wuce kimanin lita 5 ba. Idan kana noma, damatsa da baya da cinyoyi suna neman kasonsu, domin jini ne ke kai masu iska da abinci. Aikin kuma yana haifar da zafi a cikin jiki, kuma Allah Ya tsara cewa jinin nan dai shi ne zai kwaso zafin daga ciki ya kai shi fata. Saboda haka idan gari ya yi zafi, jijiyoyin fata sukan buɗe, jini mai yawa ya tafi can. Ka ga masu neman rabo sun zama biyu, jinin kuwa bai ƙaru ba. Wanda ke dawowa zuciya ya ragu, kowane bugu yana tura ƙasa da yadda ya saba. Mafitar zuciya ɗaya ce, ta ƙara yawan bugu.

Zufa kuma daga ina take? Daga ruwan jini ake ɗibarta. Mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da lita ɗaya a awa guda, wani ma ya fi. Duk litar da ta fita ba a mayar ba, jinin ya ƙara raguwa.

Sai laima, wadda ita ce mutane suka fi jahilta. Dubi randar gidanka. A watan Maris da Afrilu, sa'ad da iska ta bushe, ruwan randa sanyi ƙalau, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, bushewar nan ce ke tafiya da zafi. A watan Agusta randar nan dai sai ka ga jikinta jiƙe, ruwan ciki kuwa salam. To haka fatarka take. Zufar da ta bushe a jikinka ita ce ta sanyaya ka. Wadda ta gangaro ta ɗiga ƙasa, ko ta tsaya a riga sharkaf, asara ce kawai: ruwa ya fita, zafi bai fita ba. Shi ya sa ranar da ake cewa "yau gumin ruwa ake yi", hadari ya taso bai zuba ba, iska ta tsaya cak, takan fi wahalar da zuciya a kan wata ranar Afrilu da ma'auni ya nuna digiri 40 amma busasshiyar iska na kaɗawa. Ita ranar Afrilun nata makircin daban ne: zufa na bushewa nan take, rigarka a bushe, sai ka ɗauka ba ka yi gumi ba, alhali ruwa na ta fita.

Bari mu buga misali da lissafi. A ce manomi ne a wajen Runka ko Wagini, shekara 45, nauyinsa kilo 60, yana noman farko a watan Yuni. A ce aikin yana bukatar zuciya ta tura jini lita 12 a minti ɗaya. Da ƙarfe 9 na safe kowane bugu na tura mililita 100, wato bugu 120 a minti ya wadatar. Ya yi awa uku, zufa ta ci lita 3, abin da ya sha kuwa ruwan leda ɗaya ne, rabin lita. Ya yi asarar kilo biyu da rabi ke nan, kusan kashi 4 cikin 100 na nauyinsa. Yanzu kowane bugu bai fi mililita 85 ba. Raba lita 12 ɗin da 85, za ka samu bugu 141. Saurin saransa bai canza ba, amma zuciya ta ƙara bugu kusan 20 a kowane minti. Wannan ya yi daidai da abin da masana suka auna, cewa duk kashi 1 cikin 100 na nauyin jiki da ya tafi a zufa yakan ƙara bugu kamar 3 zuwa 5. A 1992 wasu masu bincike a jami'ar Texas ta Amurka, Montain da Coyle, sun sa matuƙa keke aiki iri ɗaya na awa biyu a zafin digiri 33, suna ba su ruwa gwargwado daban-daban. Gwargwadon ƙarancin ruwan da aka sha, gwargwadon hawan bugun zuciya da zafin jiki.

Awon nan kana iya yinsa da kanka a bakin kunya. Ibn Sina ya yi dogon bayani a kan bugun jijiya a littafinsa Alƙanun, kuma a zamaninsa da yatsu ake ji, kai ga ka da agogon waya. Ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannu daidai gindin babban yatsa. Kada ka ji da babban yatsa, domin shi ma yana da nasa bugun, zai ruɗe ka. Ƙirga na sakan 15, ka ninka sau huɗu. Yi haka bayan awa ɗaya da fara aiki, ka sake yi da hantsi ya ɗaga sosai. Ma'aunin da masu kula da lafiyar ma'aikata ke bi shi ne ka cire shekarunka daga 180. Manominmu mai 45 iyakarsa 135 ke nan, don haka 141 ya riga ya ƙetare. Awo na biyu ya fi wannan sauƙi: zauna a inuwa minti ɗaya cur, sannan ka ƙirga. Idan har yanzu bugun ya haura 110 zuwa 120, jiki bai huce ba, kada ka koma kan fartanya tukuna. Fitsari ma shaida ne. In ya yi kaɗan ya yi ja kamar shayi, an ci bashin ruwa.

Na san abin da za ka ce, a yi sammako, a huta da rana, a koma da la'asar. Haka iyayenmu suka yi, kuma ya dace da Sunna, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a jinkirta Azahar in zafi ya tsananta. In an sassauta wa mai salla, ina ga mai huɗa? Amma duk wanda ke noma ta ɓangaren dajin Rugu ya san a shekarun da 'yan bindiga suka matsa, mutane da yawa ba sa fita sai gari ya waye sarai, ba sa kuma bari yamma ta same su a daji. Aikin yini sai a dunƙule shi cikin tsakar rana, ana yi ana waige, tsoron ma na ƙara nasa bugun. Wanda ke cikin wannan hali ba zan ce masa ya canza lokaci ba. Abin da ke hannunsa shi ne ruwa da hutu.

Ka sha kamar rabin lita kafin ka bar gida, ka tafi da jarka, ba 'yar gora ba. A gona ka riƙa shan kofi ɗaya duk bayan minti 15 zuwa 20, ko ba ka ji ƙishi ba, domin ƙishi yakan makara. Ka zauna ka sha da numfashi uku kamar yadda aka koyar, kada ka ɗura lita biyu lokaci guda. Zufa da gishiri take fita, saboda haka ka ci abinci, ko fura da nono ko ɗumame da miya. Idan an galabaita, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai ciwon ƙoda ko wanda likita ya ƙayyade wa ruwa da gishiri, shi ya bi maganar likitansa. Kuma ranakun farko na komawa gona a sassauta, domin jiki na bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki a zafi.

A fanninmu na magunguna kuma akwai gyara. Duk jiƙon da ke sa gudawa, irin wanda ake sha don basir ko shawara ko wankin ciki, ba a shansa ranar aikin rana, domin ruwan da zuciya ke nema shi yake zubarwa. Tsamiya ma in ta yi kauri tana sakin ciki. Zoɓo yana ɗan saukar da jini, mai shan maganin hawan jini ya yi kaffa-kaffa da haɗa su a irin wannan rana, musamman in maganinsa mai sa yawan fitsari ne. Akwai kuma ƙwayoyin hawan jini irin su atenolol da ke danne bugun zuciya. Mai shan su zai ƙirga ya ga bugu kaɗan alhali jikinsa ya yi zafi, shi jiri da kasala zai duba. Su kuwa matasan da ke haɗiyar tiramol don kada su gaji, gajiyar nan ita ce mai gargaɗi, sun rufe mata baki ne kawai.

Game da azumi, malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan mai aikin gona da ba makawa sai ya yi: ya kwana da niyya, ya wayi gari da azumi, in wahala mai tsanani ta same shi ya sha, ya rama daga baya. In kuwa ana tsoron halaka, shan ya zama wajibi. Azumin nafila ko ramuwa mai sauran lokaci, ka ajiye shi zuwa ranar da ba ka zuwa gona.

Bugun da zafi ya ɗaga yakan sauka cikin minti 20 zuwa 30 na inuwa da ruwa. Wanda ya ƙi sauka, ko yake tsallake-tsallake, ko ya zo da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, ko kake jinsa kana kwance da dare, wannan na asibiti ne, domin zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini da ciwon zuciya duk suna kawo shi. Idan kuma abokin aikinka ya fara sambatu, yana tangaɗi, jikinsa zafi rau, ko da zufa ko babu, kada a ce iska ce ta buge shi a tsaya neman mai ruƙiyya. A ja shi inuwa, a cire masa riga, a yi ta kwara masa ruwa a wuya da hammata da duk jiki ana fifita. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe. A nemi babur ko mota zuwa asibiti mafi kusa, a ci gaba da jiƙa shi a hanya, addu'a kuma ana yinta ana tafiya.

Allah Ya ba mu lafiya da damina mai albarka.